Ku duba mini bayanin kaina kafin in nemi aikin jinya a asibitocin waje

Ƴar Birni:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Damagaram. Bayan na samu bak, wato takardar kammala sakandare, na shiga makarantar koyon aikin lafiya ta ENSP ta nan garin, na yi shekara uku na fito da lisansi, kuma yau shekarata shida ina aiki a sashen yara na wani asibiti a cikin jiha, huɗu daga cikinsu a CRENI, inda ake kwantar da yaran da tamowa ta yi wa tsanani. Ina son neman aiki a waje, zuciyata ta fi karkata ga Saudiyya, ko da yake ban rufe ƙofar Kanada ba. Na rubuta bayanin kaina a shafi guda, ga layuka uku da na fi dogara da su, na juya muku su zuwa Hausa. Na farko: "Ma'aikaciyar jinya mai difloma ta ƙasa da cikakken lasisin aiki." Na biyu: "Ƙwararriya a kulawa da yara masu matsanancin ciwo, shekara huɗu a ɗakin kulawa ta musamman." Na uku: "Tana jin Hausa, Faransanci, Ingilishi, Larabci da Barbarci." Ina roƙon waɗanda suka riga ni bin wannan hanya su gaya mini gaskiya, ko da ba za ta yi daɗin ji ba.

Ɗan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Yaya. A ganina bayanin ya yi kyau, abin da ya rage kawai ki ƙara masa nauyi. Tunda kina da lisansi, maganar lasisi ta ƙare, ki sa hoton takardar a wurin da suka tambaya. A layi na biyu kuma ki rubuta ICU da manyan baƙaƙe, wato sunan ɗakin kulawa ta musamman da Ingilishi, domin shi ne abin da asibitocin Larabawa suke nema ido rufe, kuma ai harafin ƙarshe na CRENI ma'anarsa ke nan. Wanda ya yi shekara huɗu yana fama da yaran da ake kawowa rai kwakwai mutu kwakwai a watan Agusta da Satumba ya cancanci a kira shi da wannan suna.

Hajiya ta Jidda:
Ƙanena na Sabon Gari, niyyarka mai kyau ce, amma shawarwarin nan biyu kowace ɗaya tana iya jefa ƙanwarmu cikin wahala. Shekarata tara ina aiki a nan, kuma ta wannan ƙofar na shigo, don haka bari in fara da ta farko.

Kalmar da muke kira lisansi a tsarin karatunmu na Faransanci sunan digiri ne na shekara uku bayan bak. Kalmar da za ki gani a takardun Ingilishi, wadda rubutunta ya yi kama da ita, tana nufin izinin da wata hukuma ta ba ki na taɓa marar lafiya, izinin da ake iya dakatarwa ko a ƙwace idan mutum ya yi laifi. Makaranta ce take ba da na farko, ba ita take ba da na biyu ba. Idan kika sa takardar makaranta a gurbin lasisi, za a mayar miki da dosiye, kuma ba kullum ake yi miki dogon bayanin dalili ba.

Ga yadda abin yake tafiya a nan. Hukumar da ke rarraba ma'aikatan lafiya da yi musu rajista ita ce SCFHS, kuma ta shafinta mai suna Mumaris Plus ake buɗe dosiye. Kafin ta duba ki, takardunki za su bi ta hannun kamfanin DataFlow, wanda aikinsa ba karanta abin da kika rubuta ba ne, aikinsa ya tuntuɓi wanda ya ba da kowace takarda ya tambaye shi ko da gaske daga gare shi ta fito. Zai tambayi makaranta game da difloma, ya tambayi hukuma game da lasisi, ya tambayi wurin aiki game da shekarun da kika ce kin yi. Bayan haka ne za a sa ki a mataki, a ba ki damar zama jarrabawar da ake yi a cibiyoyin Prometric, da Ingilishi. Akwai kuma takardar da za ki ga an rubuta Certificate of Good Standing, wato shaidar cewa sunanki yana cikin rajista kuma babu wani horo a kanki, ita kuma tana tsufa cikin ƴan watanni, don haka ba ita ake fara karɓa ba. Saboda haka tambayar da zan yi miki ita ce: a layinki na farko, wace hukuma ce ta ba da lasisin, mece ce lambarsa, kuma wa zai amsa idan an rubuto masa?

Ƴar Birni:
Hajiya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce mai lambar matirikil, da kwantaragi nake aiki, wata ƙungiyar agaji ce take biyan albashina, amma asibitin na gwamnati ne. Abin da nake da shi a hannu shi ne difloma, da takardun kwantaragi, da takardar shaidar aiki guda ɗaya ta shekara uku da suka wuce. Da na rubuta "cikakken lasisi" diflomar nake nufi.

Tsohon Majo:
Ƴata, na yi shekara talatin da ɗaya a wannan aiki kafin in yi ritaya, kuma na sa hannu a takardun yara da yawa irinki. A zamaninmu difloma ta ƙasa ita ce komai, da ita ake tura ka Tanut ko Gure, ba wanda zai tambaye ka wata takarda. Shi ya sa har yau yawancinmu ba mu rabe tsakanin abubuwan nan biyu da Hajiya ta faɗa. Shawarata ki tafi da ƙafarki ofishin ma'aikatar lafiya na jiha, ki nuna musu ainihin abin da ake nema, ki tambaya wa yake da ikon sa hannu a shaidar cewa kina da izinin aiki kuma ba a taɓa hukunta ki ba. Kada ki karɓi takardar da babu lamba, babu kwanan wata, babu adireshin da za a rubuto. In an ce sai Yamai, to ki haɗa buƙatunki duka ki yi tafiya ɗaya, domin kusan kilomita 900 ba hanyar da ake yi sau uku a kan takarda ɗaya ba ce.

Amma abin da ya fi damuna shi ne shaidar aikinki. Ƙungiyoyin agaji suna zuwa suna tafiya. Na ga aikin da aka rufe, aka kwashe kwamfutoci, shugaban ya koma ƙasarsu, bayan shekara biyu yaro ya zo yana neman wanda zai shaida ya yi aiki a can, babu kowa. Ki karɓi shaida biyu tun yanzu da kowa yake nan: ɗaya daga ƙungiyar da take biyan ki, ɗaya daga shugabancin asibitin, kuma ranar farawa da sunan sashe su zama iri ɗaya a duka biyun. Idan ɗaya ta ce Maris ɗaya ta ce Mayu, mai bincike ba zai san cewa wata biyun farko na gwaji ne ba, saɓani kawai zai gani.

Uwar Biyu:
Baba Majo ya faɗi gaskiya a kan saɓani, ni kuwa a kan suna ya same ni. A takardar haihuwata, wadda ta kotu ce, an rubuta sunan mahaifina Mahaman. A difloma an ƙara masa harafi ɗaya a ƙarshe. A fasfo an taƙaita shi ya koma Maman. Sannan wurin aikina, bisa al'adar ofisoshinmu, ya rubuta mini shaida da sunan maigidana, wato madam wance, sai nawa sunan ya biyo baya. Mu a nan kowa ya san mutum ɗaya ce, amma wanda yake zaune a wata ƙasa yana gwada takardu huɗu, mata huɗu ya gani. Sai da na koma kotu aka yi mini takardar da ta tabbatar duka sunayen nawa ne, aka fassara ta wurin mai fassara da ya yi rantsuwa, na sake karɓar shaidar aiki da sunan da ke cikin fasfo. Wata bakwai na ɓata. Ƴar Birni, kafin ki biya ko dala ɗaya, ki shimfiɗa takardunki duka a kan tabarma ki bi su harafi bayan harafi, har da ranar haihuwa, musamman idan kina cikin waɗanda aka rubuta wa shekara kawai sannan daga baya aka maƙala musu 1 ga Janairu.

Ɗan Sabon Gari:
Na karɓi gyara a kan lasisi. Amma a kan ICU har yanzu ban gamsu ba, Hajiya. Aikin da ake yi a CRENI lokacin damina ya fi na wasu manyan asibitoci wuya, me zai sa ta ƙasƙantar da kanta?

Hajiya ta Jidda:
Ba maganar wuya ake yi ba, ƙanena, maganar irin aikin ake yi. A nan idan ma'aikaciyar jinya ta ce ta yi ICU na yara, abin da shugabar sashe za ta fahimta shi ne ta saba da yaron da na'ura take yi wa numfashi, ta san daidaita injin da ke tura maganin ɗaga hawan jini a hankali, ta san kula da layin da aka sa a babbar jijiya, ta iya karanta sakamakon iskar da ke cikin jini. A ganawar ɗaukar aiki, tambaya ta biyu ko ta uku za ta kasance a kan ƙararrawar na'urar numfashi: ta yi ƙara tana nuna matsi ya hau, me za ki fara dubawa? Wadda ba ta taɓa tsayawa gaban na'urar ba, shiru za ta yi, kuma daga nan sauran abin da ta rubuta, har da na gaskiya, ya zama abin shakka. Mafi muni shi ne ta tsallake ganawar a kai ta ɗakin, ran yaro yana hannunta. Ƴar Birni, akwai irin wannan na'ura a inda kike?

Ƴar Birni:
Babu, Hajiya. Muna da injin tace iskar oksijin, da abin auna oksijin a yatsa, da abin auna sukari. A ɗakin da muke ware waɗanda suka fi jigata akwai gado goma sha biyu, kuma a gadin dare sau da yawa ni kaɗai ce da mataimakiya ɗaya. Ina sa bututun ciyarwa ta hanci, ina ba da madarar F-75 duk bayan awa uku, ina samun jijiya a hannun yaron da ya bushe, ina sa jini ina tsaye a kansa, ina ba da allurar artesunat ga masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kuma ni nake horar da sababbin da ake ɗauka na wucin gadi idan damina ta kama.

Hajiya ta Jidda:
To wannan da kika rubuta yanzu ya fi layinki na biyu daraja nesa ba kusa ba, kuma shi ya kamata ya shiga shafin. Ki cire kalmar "ƙwararriya", domin a wurin hukumomin rajista ƙwarewa takarda ce ta ƙarin karatu bayan difloma, kamar ta masu sa barci a tiyata, ba yawan shekaru ba. Ki rubuta cewa kin yi shekara shida a jinyar yara, huɗu a sashen kwantar da masu tamowa mai tsanani, ki faɗi yawan gadaje, ki faɗi yara nawa ke hannunki a gadi ɗaya, ki jera ayyukan da kike yi da hannunki, sannan ki faɗi cewa kina horar da sababbi. Kada ki bar sunan CRENI shi kaɗai, domin a nan ba wanda ya san shi, ki fassara abin da ake yi a ciki. Wanda ya san aiki idan ya karanta cewa kina samun jijiya a jikin yaro mai kilo biyar da ya bushe, ya san hannun da yake magana da shi. Gurbin da ya dace ki nema shi ne sashen kwantar da yara ko sashen gaggawa na yara, daga can ne ake tura mutum horon ɗakin na'urori idan an ga hannunsa. Idan kina da katin BLS na ceton wanda numfashinsa ya tsaya ki sa shi da ranar ƙarewarsa, shekara biyu yake yi.

Akwai abu ɗaya da ba ni da ikon yi miki alkawari a kansa, shi ne matakin da za a sa ki. A nan an raba masu digiri da masu difloma, albashinsu ba ɗaya ba ne, jarrabawarsu ma ba ɗaya ba ce. Digirin jinya na nan shekara huɗu ne da shekarar koyon aiki, namu kuwa uku ne. Na ga wadda aka sa a matakin ƙasa da lisansinta. Abin da zai yi miki magana shi ne takardar sakamako mai nuna kowane darasi da awoyinsa, da awoyin sitaj, wato koyon aiki a asibiti, a kowane sashe, ba jimillar kiredi 180 kawai ba.

Tsohon Majo:
A nan ina da ja kaɗan, Hajiya. Shekara ukunmu cike take da sitaj, yaro yana shiga asibiti tun shekarar farko, ban yarda a ce bai kai mai shekara huɗu ba. Idan awoyi ake ƙirgawa, a ƙirga da gaskiya.

Hajiya ta Jidda:
Baba, ni ma ban ce bai kai ba, kuma na yi aiki da masu shekara huɗun na gani. Amma hukuma ba hannu take aunawa ba, takarda take aunawa, kuma hukuncin nata ne. Shi ya sa na ce a nemi takardar awoyi tun da wuri.

Malam na Mirriya:
Ni dai ban ga amfanin wannan doguwar wahala ba. Akwai mutanen da suke kai mata Saudiyya aiki cikin wata biyu, su yi fasfo su yi biza, ana cire kuɗinsu daga albashi. Ƙanwar matata ta tafi ta hannun ɗayansu, tana kula da wata tsohuwa marar lafiya, kuma ba ta yi jarrabawar kowa ba.

Uwar Biyu:
Malam, wannan wata hanya ce dabam, ba ita ake magana ba. Wadda ta tafi da bizar aikin gida, sana'ar da aka rubuta a katin zamanta ita ce aikin gida, ko da difloma goma take da su, kuma asibiti ba zai sa ta a gadi ba tare da rajistar hukuma ba. Shekarun da za ta yi a can ba za su shiga lissafin aikin jinya ba, sai ma su zama giɓi a bayaninta, irin giɓin da ake tambayar dalilinsa. Ƴar Birni aikin asibiti take nema.

Baƙon Kebek:
Gaisuwa ga Baba Majo da sauran manya. Ina so in yi magana a kan layi na uku, domin shi ne kowa yake ɗauka mai sauƙi. Jera harsuna biyar a layi ɗaya da kalmar "tana ji" yana nuna kamar duka matsayinsu ɗaya, alhali na tabbata ba haka ba ne. A gaban kowane harshe ki rubuta iyakarki da shaidarki. Hausa harshen uwa. Faransanci harshen da kika yi karatu duka da shi kuma kike rubuta dosiyen marar lafiya da shi. Barbarci, idan iyakarsa ki tambayi uwa tun yaushe yaron yake gudawa kuma ki gane amsarta, ki rubuta haka, abin yabo ne ba abin kunya ba. Ingilishi da Larabci kuwa ke za ki gaya mana.

Game da nan Kebek ta Kanada inda nake, Faransancinki jari ne babba. Hukumar ma'aikatan jinya ta Kebek ita ce OIIQ, ita take duba daidaiton karatu, kuma tana son takardun su zo mata kai tsaye daga makaranta da hukumar rajista, ba daga hannunki ba. Yawanci takan umarci mutum ya yi wani horon shiga aiki a nan, sannan ya zauna jarrabawarta. Wanda ya yi aƙalla shekara uku yana karatun sakandare ko na gaba da ita da Faransanci, ba a neman sa da jarrabawar harshe ta samun izinin sana'a, amma ofishin shige da fice yana iya neman jarrabawar Faransanci ta TCF ko TEF, waɗanda sakamakonsu shekara biyu yake yi. Kada kuma ki ɗauka cewa tunda harshe ɗaya ne Faransa za ta fi sauƙi. A Faransa diflomar jinya da aka samu a ƙasa irin tamu ba ta ba mutum izinin aiki, sai ya shiga makarantarsu ta IFSI ya samu tasu.

Ƴar Birni:
Yaya, gaskiyar magana Ingilishina na makaranta ne, ina karanta takardar magani in gane, amma idan aka yi magana da sauri sai in ɓace. Larabci kuwa na islamiyya ne, na sauke Alƙur'ani, ina karanta rubutu da wasali, ina gane hudubar Juma'a rabi da rabi.

Hajiya ta Jidda:
Madalla da kika faɗi gaskiya, domin a nan ne aikinki na gaske yake, ba a takardu ba. A asibitocin nan dosiye da umarnin likita da miƙa gadi duk da Ingilishi ake yi, abokan aikinki kuma ƴan Filifin ne da ƴan Indiya da Misirawa, kowa da irin lafazinsa. Larabci na marar lafiya ne da danginsa, kuma ba na littafi ba ne. Ni ma da na islamiyya na zo, ranar farko wata tsohuwa ta yi mini magana ban tsinci komai ba sai sunan Allah. Amma wanda ya zo da tushe yana kamawa cikin watanni, saboda haka ki rubuta cewa kina karantawa kuma kina fahimtar na littafi, magana kuwa matakin farko. Hausa kada ki raina ta: a Makka da Madina da Jidda akwai Hausawa mazauna tun kakanni, ga alhazai daga Nijar da Nijeriya, kuma sau da yawa an kira ni daga wani sashe don in yi tafinta.

Ga ma'aunin da nake ba kowa a kan Ingilishi. Ki ɗauka ƙarfe uku na dare ne, yaro ya canza, kin kira likita a waya yana cikin barci. Za ki iya gaya masa cikin minti ɗaya wane yaro ne, me ya kawo shi, me kika gani yanzu, me kike so ya yi, sannan ki maimaita masa umarninsa ba tare da kuskure ba? Idan ba za ki iya ba tukuna, kada ki rubuta cewa kina jin Ingilishi sosai.

Kuma ba kalmomi kaɗai ke canzawa ba, har da lambobi. Mu mun saba cewa hawan jini 12/8, a nan 120/80 ake cewa. Mun saba auna sukari da g/L, a nan mg/dL ne ko mmol/L. Iyakar da kika sani ta faɗuwar sukari ga yaro mai tamowa, 0,54 g/L, ita ce 54 mg/dL, ita ce kuma 3 mmol/L. Wadda ta ga 3 a allo ta karanta shi da tsohon ma'auni za ta ɗauka sukari ya yi yawa ƙwarai, alhali yaron yana bakin suma. Haka nan waƙafi da muke sawa a tsakiyar lamba, su ɗigo suke sawa, waƙafi kuwa na raba dubbai ne a wurinsu. A jarrabawar lissafin magani wannan kaɗai yana kayar da mutum.

Ɗan Sabon Gari:
To idan har sai ta koyi Ingilishi, me zai hana ta nufi Ingila kai tsaye? Sai dai na ji an ce sun hana ɗaukar ƴan Nijar gaba ɗaya.

Baƙon Kebek:
Rabin maganar ka ji. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, Nijar da Nijeriya suna ciki, kuma Birtaniya ta hana asibitocinta da dillalai su je farautar ma'aikata a waɗannan ƙasashe. Amma mutum da kansa yana iya neman gurbin da aka tallata. Abin da wannan yake nufi shi ne duk dillalin da ya zo Damagaram yana cewa asibitin gwamnatin Ingila ne ya aiko shi ɗaukar ma'aikata, a yi hattara da shi. Sannan hukumarsu ta rajistar masu aikin jinya, NMC, tana neman maki 7 a jarrabawar Ingilishi ta IELTS a karatu da saurare da magana, 6.5 a rubutu, ko kuma B a jarrabawar Ingilishi ta OET da C+ a rubutu, bayan haka jarrabawar kwamfuta, sai ta aikin hannu mai suna OSCE wadda a can ake yin ta. Daga inda Ƴar Birni ta ce take zuwa maki 7 tafiya ce ta gaske. Kuma tunda sakamakon shekara biyu yake yi, wanda ya yi gaggawar zama kafin sauran takardunsa su kammala yana iya biya sau biyu.

Tsohon Majo:
Wannan jerin da ka ambata ba don ado aka sa mu a ciki ba. Duk wadda ta iya samun jijiyar yaro a cikin duhu idan ta tafi, sai an yi shekaru kafin a samu madadinta a ɗakin nan mai gado goma sha biyu. Ba hana ki nake yi ba, ƴata, na san albashin kwantaragi kuma na san ba shi da tabbas. Ina dai tuna miki cewa ƙungiyoyin agaji irin wadda kike yi wa aiki suna tura ma'aikatansu na gida zuwa Cadi ko Kwango ko Afirka ta Tsakiya, inda Faransancinki da sanin tamowa su ne ainihin abin da ake nema, ba abin da za ki yi ta fassarawa ba. Shi ma aikin waje ne.

Hajiya ta Jidda:
Hanya ce mai kyau, Baba, sai dai kwantaragin watanni ne, kuma ba kowace mai iyali take iya ta ba. Ita ta san halin gidanta.

Ƴar Birni:
Na gode Baba, na gode Hajiya da sauran yayyena. Daren jiya na shimfiɗa takardun kamar yadda Uwar Biyu ta ce, kuma na samu saɓani ɗaya: a difloma sunana yana ƙarewa da "tou", a fasfo babu. Na cire layin lasisi gaba ɗaya har sai na samu takarda mai lamba. Layi na biyu yanzu yana cewa shekara shida a jinyar yara, huɗu a sashen masu tamowa mai tsanani, ɗaki mai gado goma sha biyu, sai jerin ayyukan hannu. Harsuna na raba su kowane da matakinsa, Ingilishi na rubuta ina karantawa, magana tana kan koyo. Ranar Litinin zan je ofishin jiha da makaranta a kan takardar awoyi. Tambayar da ta rage mini, Hajiya, ita ce ko in fara biyan kuɗin binciken takardu yanzu, ko in jira sai an gyara sunan.

Hajiya ta Jidda:
Ki jira sunan. Idan kin karɓo takardar awoyin ki turo mini jimillar na aji da na sitaj, in gwada da ta wata da aka riga aka sa a mataki, mu ga inda taki za ta iya faɗawa.